Gem yana cijewa a kan katin giga 4: yadda za ka gane ko tekisca ce ta cika memori, da yadda za ka gyara

Matsalar da na fi ji daga samarin da ke buga gem a kwamfuta a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra ba jinkiri ba ne. Jinkiri mai sauƙin ganewa ne, hoto yana tafiya a hankali daga farko har ƙarshe. Wanda ya fi ba mutane ciwon kai shi ne gem da ke tafiya sumul, lambar FPS, wato yawan firem ɗin da ke fitowa a sakan, tana nuna 55 ko 60, amma da zarar ka juya kyamara ko ka shiga cikin gari da mota sai hoton ya cije na ɗan ƙiftawar ido, ya saki, ya sake cijewa. Mai kwamfutar sai ya sauke komai zuwa Low, gem ya zama mummuna, ko kuma ya yanke hukuncin cewa katin hotonsa ya mutu ya fara tara sidi don sayen wani. Sau da yawa duka biyun ba su zama dole ba. Saiti ɗaya ne ya wuce ƙarfin memorin katin, wato Texture Quality, kuma akwai hanyar tabbatar da hakan a cikin rabin awa ba tare da kashe ko pesuwa ɗaya ba.

Abin da ya sa wannan saitin ya bambanta da sauran

Tekisca ita ce hoton da gem ke lulluɓe kowane abu da shi: fatar fuska, bulon bango, kwaltar titi, rubutun jikin mota. Ana ajiye waɗannan hotuna a cikin memorin da ke jikin katin hoto, wanda manhajoji ke rubutawa VRAM. Wannan memori daban yake da ram ɗin kwamfuta, a manne yake da katin, ba a ƙara shi ba a rage shi.

Yawancin saitunan gem, irin su inuwa da hasken da ke komowa daga ruwa da yawan ciyawa, aiki suke ƙara wa katin. Ka ɗaga su mataki ɗaya FPS ya ragu kaɗan, ka ƙara ɗagawa ya ƙara raguwa. Tekisca ba haka take ba. Ba ta ƙara wa katin wani lissafi mai yawa, wuri take ci. Muddin akwai wuri a memori, bambancin FPS tsakanin Medium da Ultra ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma ba za ka gan shi ba. Amma da memorin ya cika, ba raguwa a hankali za ka gani ba, cijewa ce kai tsaye. Shi ya sa ba a zaɓen wannan saitin da ƙarfin kati, da yawan memorinsa ake zaɓensa.

Mu yi lissafin, domin shi ne zai nuna maka dalilin da mataki ɗaya ke kawo babban canji. Tekisca mai faɗin 4096 da tsawon 4096 tana da ɗigo sama da miliyan 16. Gem yana matse ta kafin ajiyewa, kuma a salon matsewar da ake kira BC7 kowane ɗigo yana cin bayit ɗaya, ka ga mega 16 ke nan. Ana kuma ajiye ƙananan kwafe-kwafenta, rabi da rabin rabi har ƙasa, don abin da ke nesa, waɗannan suna ƙara kashi ɗaya cikin uku, ya zama kusan mega 21. Sannan abu ɗaya a gem na zamani ba hoto ɗaya yake ɗauka ba. Akwai na launi, akwai na gargadar jiki, akwai na ƙyalli, aƙalla uku. Bango guda ya tashi mega 64.

Idan ka sauke saitin mataki ɗaya, abin da gem da yawa ke yi shi ne su jefar da kwafi mafi girma su fara daga 2048. Faɗi ya ragu rabi, tsawo ya ragu rabi, don haka wurin da ake ci ya koma kashi ɗaya cikin huɗu: mega 16 maimakon 64. Ka ɗauka akwai abubuwa 50 irin wannan a unguwar da kake cikin gem. A babban saiti mega 3,200 ne, a na ƙasa da shi 800. Ba kowace tekisca ce ke kai 4096 ba, kuma kowane gem da yadda yake rabon matakansa, amma tsarin ke nan. Katin giga 4 yana da mega 4,096 kacal, kuma ba tekisca kaɗai ke zaune a ciki ba. Windows da duk manhajar da ka bari a buɗe suna riƙe da wasu ɗaruruwan mega tun kafin ka buɗe gem, sannan ga siffofin gine-gine da motoci, ga taswirar inuwa, ga hotunan wucin gadi da katin ke zanawa kafin ya haɗa firem guda.

Me ke faruwa idan ya cika

Gem ba ya mutuwa nan take. Windows yana ɗaukar abin da bai samu wuri ba ya ajiye shi a ram, duk lokacin da aka buƙace shi sai a jawo shi ta ramin PCIe da aka soke katin a kan madabod. Kamar mai shago a kasuwar Nima ne da kantarsa ta cika ya ajiye ragowar kaya a sito a Mamobi: kayan suna nan, amma duk mai sayen da ya nemi abin da ke sito sai ya tsaya a aiki yaro ya je ya dawo.

Bambancin saurin yana da girma. Memorin GTX 1650 mai GDDR5 yana kai giga 128 a sakan. Ramin PCIe 3.0 mai layi 16 bai wuce kusan giga 16 a sakan ba, a takarda ma ke nan. Ninki takwas. Idan gem yana tafiya a FPS 60, kowane firem yana da milisakan 16.7 ne kawai. Ka juya kyamara, gem ya buƙaci mega 400 da ke ram: jawo su a giga 16 zai ci milisakan 25. Firem ɗin da ya kamata ya fito a 16.7 zai wuce 40. Wannan ita ce cijewar da idonka ya kama.

Ga kuma dalilin da lambar FPS ke ɓoye maka ita. Idan a cikin sakan ɗaya firem 54 sun fito a kan lokaci, guda ɗaya ya ɗauki milisakan 100, lambar za ta nuna 55. Lamba mai kyau, amma hannunka ya ji tsayawar. Don haka duk wanda ke neman wannan matsala da FPS kaɗai ba zai same ta ba.

Akwai katunan da abin ya fi yi wa tsanani, kuma ina so masu harhaɗa tsofaffin kwamfutocin ofis su kula da wannan sosai. RX 6500 XT da RX 6400, da suka fito a 2022, giga 4 gare su kuma layi 4 kacal suke amfani da shi. A sabon madabod mai PCIe 4.0 suna samun kusan giga 8 a sakan. A tsohuwar kwamfutar ofis mai PCIe 3.0, irin waɗanda suka cika shagunan Circle, giga 4 ne kawai. Mega 400 ɗin nan yanzu milisakan 100 zai ci. A kan irin wannan haɗin, wuce iyakar memori ko da kaɗan ne yana lalata wasan gaba ɗaya.

Mataki na farko: san ainihin memorin katinka

Danna Ctrl+Shift+Esc, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi GPU a gefen hagu. A ƙasa za ka ga layi uku. Dedicated GPU memory shi ne memorin katin na gaske. Shared GPU memory ram ɗin kwamfuta ne da Windows ya yarda a ara, yawanci rabin ram ɗinka. GPU Memory kuma jimillar biyun ce. Kwamfuta mai ram giga 16 da katin giga 4 za ta nuna 12 a jimilla, kuma mutane da yawa sun sayi laftof suna zaton girafik ɗinta giga 12 ne saboda wannan layin suka duba. Haka a dxdiag: Approx. Total Memory jimilla ce, Display Memory (VRAM) shi ne naka. Lambar Dedicated GPU memory kawai za ka riƙe.

Idan laftof ce, za ka iya ganin GPU 0 da GPU 1. Ɗaya na cikin furosesa ne, ba shi da memorin kansa, ɗayan shi ne katin. Ka tabbata wanda ke aiki lokacin wasa shi ne katin, kuma caja tana jone.

Tun kana nan, kafin ka buɗe gem, dubi nawa aka riga aka ci. Idan ka ga 0.7 ko 0.9 daga cikin 4.0, buɗe Details, ka danna maɓallin dama na linzami a kan layin sunayen da ke sama, ka zaɓi Select columns, ka ƙara Dedicated GPU memory. Za ka ga mai cin wurin. Yawanci Chrome ne da shafuka da yawa, ko Discord, ko manhajar da ke motsa hoton bangon allo. dwm.exe na Windows ne, ka bar shi. Sauran ka rufe su. A katin giga 12 wannan ba komai ba ne, amma a katin giga 4 mega 400 kashi ɗaya cikin goma ne na duk abin da kake da shi.

Mataki na biyu: sa ma'auni a kan allon gem

Sauke MSI Afterburner, kyauta ne, kuma yana zuwa tare da RivaTuner Statistics Server, ka amince a sa su duka biyun. Daga shafin MSI ko na Guru3D za ka ɗauko shi, domin an sha samun shafukan bogi masu kama da na gaske da ke ɗauke da manhajar sata. Ba sai katinka na MSI ba ne, kuma ba za mu taɓa saurin katin ba, kallo kawai za mu yi.

Shiga Settings, sannan Monitoring. Ka zaɓi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka sa masa alama a Show in On-Screen Display: GPU usage, Memory usage, GPU temperature, RAM usage, Framerate da Frametime. Kada ka rikita biyu daga ciki: Memory usage na katin ne, RAM usage na kwamfuta. A kan Frametime, wato milisakan da kowane firem ya ɗauka, ka canza daga text zuwa graph. Wannan zanen shi ne babban shaidarka. Idan wasa yana tafiya lafiya layin a miƙe yake, duk cijewa kuma tana fitowa kamar tsini.

Mai katin Nvidia da ke son rubutaccen tarihi yana iya buɗe Command Prompt ya sa wannan, zai riƙa buga lambar kowane sakan:

```
nvidia-smi --query-gpu=memory.used,memory.total --format=csv -l 1
```

A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Ganin 3,900 daga cikin 4,096 shi kaɗai ba hujja ba ne. Gem da yawa suna cika duk wurin da suka samu da tekiscar da za su iya buƙata nan gaba, ko da ba sa amfani da ita yanzu, kuma wannan dabara ce mai kyau. Gem guda zai nuna giga 7 a kan katin giga 8, ya nuna 3.8 a kan na giga 4, duka biyun suna tafiya lafiya. Abin da kake nema abubuwa uku ne a tare: memorin katin ya manne a sama ba ya motsi, Shared GPU memory na Task Manager yana hawa yayin da kake wasa, kuma tsinin Frametime yana fitowa daidai lokacin da sabon abu ya shigo ido. Galibi a daidai tsinin za ka ga GPU usage ya faɗi daga 98 zuwa 60 ko ƙasa, saboda katin ya tsaya jira. Shared ɗin ba zai taɓa zama sifili ba, gem kan ajiye wasu ɗaruruwan mega a can a kullum. Hawansa ne abin lura, ba kasancewarsa ba.

Mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki haɗin da aka saba gani: tsohuwar kwamfutar ofis mai ram giga 16 da SSD, an sa mata GTX 1650 na giga 4, allo 1080p, gem ɗin kuma Forza Horizon 5 na 2021. Na zaɓe shi ne saboda mota tana gudu, gem yana ta loda sabon wuri, ƙarancin memori ba ya ɓuya. Lambobin da zan kawo na misali ne don ka ga yadda ake karantawa, naka za su bambanta.

Fara da zaɓen hanya ɗaya da za ka riƙa maimaitawa. Ka taso daga babban titi ka shiga garin Guanajuato, ka ratsa tsakiyarsa ka fita, kamar minti uku. Wuri mai cunkoson gini ake so, ba fili ba. Ka bi ta sau biyu da saitin da kake da shi yanzu, ka yi watsi da zagayen farko. Zan faɗi dalili nan gaba.

A ce mai kwamfutar ya sa komai a Medium amma ya ɗaga Environment Texture Quality zuwa Ultra, saboda ya ga FPS bai ragu ba a garejin. A zagaye na biyu memorin katin ya tsaya a 3,950. Shared ya tashi daga 0.3 ya kai 1.2. A buɗaɗɗen titi Frametime yana kwance a wajen 18, amma a cikin gari duk kwanar da aka sha sai tsini ya haura 60. Zafin katin 72, bai canza ba. Alamomin uku sun cika. Wannan gem ɗin ma yakan fito da saƙon gargaɗi cewa memorin bidiyo ya yi ƙasa, kuma idan ka gan shi ka yarda da shi.

Yanzu canza abu ɗaya tak. Sauke Environment Texture Quality zuwa High, kada ka taɓa komai. Ka fita daga gem ɗin gaba ɗaya ka sake buɗewa. Wannan ba ɓata lokaci ba ne: gem da yawa ba sa sakin tsohuwar tekisca daga memori sai an rufe su, GTA V ma da kansa yake ce maka sai ka sake kunnawa. Wanda ya canza saiti a tsakiyar wasa ya ga cijewa ba ta tafi ba zai zaci ba ita ce matsalar ba, alhali bai gwada komai ba tukuna.

Sake bin hanyar. A ce yanzu memorin yana yawo tsakanin 3,600 da 3,800, Shared ya zauna a 0.4, tsinin ya ragu zuwa ɗaya ko biyu ƙanana. An gano mai laifi. Amma kar ka tsaya nan. Ka ci gaba da wasa minti talatin ko arba'in, ka yi tsere biyu ko uku, ka buɗe taswira, ka canza mota. Memori yana cika ne a hankali, kuma saitin da ya wuce gwajin minti uku yana iya faɗuwa bayan rabin awa. Idan 3,800 ya koma 3,950 kuma cijewa ta dawo, kana kan iyaka ne, sai ka zaɓa: ko ka sauka zuwa Medium, ko ka samo wurin daga wani saiti.

Ni na fi son a fara samo wurin, domin tekisca ita ce abin da ido ya fi gani. Na farko shi ne MSAA, saitin da ke sa gefen abubuwa ya fito sumul. Yana ninka girman wasu daga cikin hotunan wucin gadi, don haka ka mayar da 4X zuwa 2X ko ka kashe shi ka yi amfani da TAA, wanda ke yin irin wannan aikin. Ray Tracing Quality a kashe, ba na katin giga 4 ba ne. Sai Shadow Quality: taswirar inuwa mai 4096 a bayit huɗu kowane ɗigo mega 64 ce, kuma gem yana riƙe da fiye da ɗaya. Sai Environment Geometry Quality mataki ɗaya ƙasa. Kowane canji, gwaji ɗaya. Ni ina barin aƙalla mega 200 zuwa 300 a sake bayan rabin awa na wasa.

Rage girman hoto ko kunna FSR, wanda ke zana hoto ƙarami sannan ya faɗaɗa shi, yana taimakawa, amma ba kamar yadda ake zato ba. Hoto guda na 1920 da 1080 a bayit huɗu mega 8 ne da ɗan ɗoriya. Ko gem yana riƙe da talatin irinsa, mega 250 ne, kuma FSR wani kashi kawai zai rage daga ciki. Zai cece ka idan mega 100 ka wuce, ba zai cece ka ba idan giga guda ka wuce. Ga mai jona kwamfuta da talabijin ɗin 4K labarin daban ne, hoto guda mega 33 ne, ninki huɗu. Ka duba kada gem ya zaɓi 3840 da 2160 da kansa, ka mayar da shi 1080p kafin komai.

Bayan an daidaita, akwai saitin da za ka ɗaga ba tare da tsoro ba. Anisotropic Filtering, wanda wasu gem ke kira Texture Filtering, sunansa ya yi kama da na tekisca amma ba ya ƙara komai a memori. Shi ne ke sa kwalta da ƙasa su fito tas daga nesa. Ka sa shi 8X ko 16X. Medium da 16X sau da yawa ya fi kyan gani a kan High da filta a ƙasa.

Idan ba tekisca ba ce fa

Ba kowace cijewa ce ta memori ba, kuma gwajin nan zai nuna maka. Idan ka sauke tekisca har Low, ka sake kunnawa, memori ya sauka zuwa 2,500 amma tsinin yana nan yadda yake, mayar da saitinka ka nemi wani wuri.

Dalilin da na ce ka watsar da zagayen farko shi ne, gem yana shirya wasu ƙananan shirye-shiryen zane karon farko da ya ga sabon abu, abin da wasu ke nunawa a allo da Compiling shaders. Wannan cijewar tana zuwa sau ɗaya, a zagaye na biyu ta ɓace, tana kuma dawowa bayan ka sabunta direba. Ta memori kuwa tana maimaituwa kowane zagaye, tana ƙaruwa da daɗewa.

Zafi ma yana da nasa salo. A ɗaki mara iska da rana tsaka, ko bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, katin yana rage gudunsa da kansa idan ya haura tamanin da wani abu. Za ka ga FPS gaba ɗaya ya sauka bayan wasu mintuna, ba tsini ɗaiɗai ba. Idan kuma gem yana kan HDD, cijewar tana zuwa ne a wurare ayyanannu na taswira, kuma Disk a Task Manager zai nuna 100%.

Ram giga 8 shi ne ya fi haɗa kai da ƙaramin kati wajen ɓata wasa. Abin da ya zubo daga katin ram yake zuwa, idan ram ɗin ma ya cika sai Windows ya tura shi faifai. A lokacin ba ƙiftawar ido ba ce, hoton yana daskarewa sakan guda ko biyu. Idan RAM usage yana kai 7,500 a kwamfutar giga 8, ƙara sanda ta biyu ya fi sayen sabon kati sauƙi a aljihu, kuma shi ya kamata a fara yi.

Wasu gem kuma ba sa cijewa ko kaɗan. Idan wuri ya ƙare sai su ƙi loda babban kwafin, ka ga bango ya zama dishi-dishi, ya gyaru, ya sake lalacewa. An ga haka a Hogwarts Legacy a 2023 har a katunan giga 8. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne a irin wannan hali Medium ya fi Ultra kyau, saboda Medium yana loduwa gaba ɗaya ya zauna. A wasu gem saitin ma ba ingancin hoto yake canzawa ba, girman wurin ajiya ne, kamar Texture Pool Size na Doom Eternal. Sauke shi mataki ɗaya da ƙyar za ka ga bambanci. A Call of Duty kuma ka lura da On-Demand Texture Streaming, wanda ke sauke tekisca daga intanet kana cikin wasa. Ga mai sayen data, ka mayar da shi mafi ƙanƙantar zaɓin da aka ba ka.

Inda za ka fara, gwargwadon katinka

Wannan ra'ayina ne, a 1080p, kuma gwaji ne ke da maganar ƙarshe. Giga 2, irin GTX 750 Ti da GT 1030: GTA V na 2015 a Normal, ka sa ido a kan sandar Video Memory da ke saman shafin Graphics, kada ka kunna Ignore Suggested Limits don kawai wani ya ce ka yi. Giga 3 zuwa 4: High a gem ɗin da suka girmi 2019, Medium ko Low a manyan sababbi, kuma kada ka ɓata data a kan fakitin tekisca na HD. Giga 6: High a mafi yawa. Giga 8 yana ɗaukar High a kusan komai, amma tun fitowar The Last of Us Part I a kwamfuta a Maris 2023 an ga Ultra yana iya wuce shi.

Akwai kuma waɗanda ke cutar kansu ta ɗaya gefen. Mai RX 580 na giga 8 da ya zaɓi Low gaba ɗaya saboda katin na 2017 ne ya bar rabin memorinsa a banza. Ya bar inuwa da sauransu a Low, ya ɗaga tekisca zuwa High, FPS kusan ba zai motsa ba kuma gem ɗin zai canza kama.

Idan gwaji ya nuna lallai sai ka sauya kati, ka tafi Tiptoe Lane na Circle da GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a filas, ka roƙi mai shago ya jona katin ka duba. Suna ɗaya yana iya ɗaukar memori biyu: GTX 1060 akwai na giga 3 da na 6, RX 580 akwai na 4 da na 8, don haka ka karanta Memory Size da idonka. Dubi Memory Type: GT 1030 mai DDR4 ya fi mai GDDR5 rauni nesa ba kusa ba. Dubi Bus Interface, ka danna alamar tambaya da ke gefensa don gwajin ya tashi katin daga barci, ka ga ko x16 yake ko x4. Akwai kuma katunan bogi a kasuwannin duniya, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti mai giga 4 alhali giga 1 ne a jikinsa, kuma mai shagon kansa yana iya sayensa bai sani ba. GPU-Z yakan rubuta [FAKE] a gaban sunan irinsu. Ko bai rubuta ba, ka buɗe gem a wurin ka ɗaga tekisca har Memory usage ya haura mega 3,000, ka yi wasa minti goma. Katin bogi da ya wuce ainihin memorinsa hoton zai farfashe ko gem ya rufe, tun kuɗinka suna aljihunka.